Me Ke Ɗaure Tsokar Bayan Cinya, Kuma Me Ke Sakin Ta?

Mutane da yawa sukan fara lura da abin ne a wurin ruku'u, ko lokacin da suka sunkuya ɗaukar wani abu a ƙasa ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Sai mutum ya ji bayan cinyarsa ya ja, ya tsaya cak, ya ƙi ci gaba. Nan take sai ya yanke hukunci cewa tsokarsa ta gajarce, ko kuma girma ne ya fara kamawa. Sau da yawa ba haka ba ne.

Tsokoki uku ne a bayan cinya. Suna tasowa daga ƙashin mazaunai, wato ƙashin da kake ji yana tokare ka idan ka daɗe a kan benci, su gangara su kama ƙasusuwan ƙwauri ƙasa da gwiwa kaɗan. Ke nan sun ratsa gaɓoɓi biyu, ƙugu da gwiwa. Idan ka sunkuya gaba kuma gwiwarka na miƙe, ana jan su ne ta sama da ta ƙasa a lokaci guda. Shi ya sa da ka ɗan lanƙwasa gwiwa sai ka ji sauƙi.

To amma wa ke tsayar da kai? A shekarar 1996 wani masani mai suna Peter Magnusson da abokan aikinsa a ƙasar Denmark suka sa mutane miƙa wannan tsoka kullum har mako 3, suna aunawa da na'ura. A ƙarshe ƙafar ta fi miƙuwa, amma taurin tsokar bai canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne juriya: mutum ya iya ɗaukar jan da a da yake sa shi ya tsaya. Jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa su ne masu gadin iyaka, kuma suna kafa ta ne daidai inda jiki ya saba kaiwa. Tela ko direban da ke wuni a zaune gwiwa a lanƙwashe ya daina kai tsokarsa ƙarshen tsawonta, sai jiki ya riƙa ɗaukar wannan wurin a matsayin haɗari. Macen da ke sunkuyawa kullum tana shara da gajeriyar tsintsiya, ko wanki a ƙasa, sau da yawa tana iya dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da ta taɓa yin wani atisaye ba, domin ba ta daina zuwa wurin ba. Gado ma yana da nasa rabon: wasu da laushin gaɓɓai aka haife su.

Akwai kuma ɗaurewar da ba ta tsoka ba ce sam, kuma wannan ita ce nake so mai karatu ya fi kiyayewa. Babbar jijiyar da ke fitowa daga ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sayatik, tana bi ne ta bayan cinya har ƙafa. Ga yadda za ka gane. Zauna a kujera, ka miƙe gwiwa ɗaya har ka ji jan. Kada ka motsa ƙafar, sai ka sunkuyar da kai haɓa ta nufi ƙirji, sannan ka ɗaga kai ka dubi sama. Wuya ba shi da hanyar jan tsokar cinya. Idan jan ya ƙaru sosai da ka sunkuyar da kai, ya ragu da ka ɗaga, jijiyar tana cikin abin da kake ji. Ita ba ta son a ja ta a riƙe, kuma matsa mata yakan ƙara fusata ta. Haka nan ciwon da ke tsaye daidai kan ƙashin mazaunai, wanda ke tsananta idan an daɗe a zaune a wuri mai tauri: galibi mahaɗar tsoka da ƙashi ce ta gaji, kuma miƙa da ƙarfi yana ƙara mata ciwo.

Idan babu ɗayan waɗannan, sai maganar abin da ke aiki. Sakewar da ake ji bayan miƙa sau ɗaya ba ta daɗewa, cikin abin da bai kai awa ba ta gushe. Maimaitawa ce ke zaunar da ita. A 1994 William Bandy da Jean Irion suka gwada tsawon lokacin riƙewa, kwana 5 a mako har mako 6. Daƙiƙa 30 ta fi daƙiƙa 15 amfani, amma daƙiƙa 60 ba ta fi 30 ba. Saboda haka ba sai an azabtar da kai ba.

Mu ɗauki misalin tela ɗan shekara 40 wanda yatsunsa ke tsayawa santimita 20 sama da ƙasa idan ya sunkuya. Ranar farko sai ya auna wannan tazarar ya rubuta. Kowace rana, bayan ɗan tafiyar da za ta ɗumama jiki, sai ya ɗora diddige a kan ƙaramar kujera, gwiwa a miƙe, bayansa a miƙe, ya tura ƙugu baya yana kusanto da cibiya ga cinya. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure: sukan ranƙwafa baya su miƙa hannu su kamo yatsun ƙafa, sai ya zama baya ne ya lanƙwashe, cinya ba ta samu komai ba. Ya kamata ya ji jan a tsakiyar naman cinya, ja mai ƙarfi amma wanda bai hana shi numfashi a natse ba. Ya riƙe daƙiƙa 30, sau 2 a kowace ƙafa, kwana 5 a mako. Jimilla minti 5 ke nan a mako ga kowace ƙafa.

A ganina, rabin aikin da aka fi mantawa da shi shi ne ƙarfafa tsokar tana miƙe. Sau 2 a mako, telan nan ya riƙe galan mai lita 5 cike da ruwa, wato kilo 5, ya ɗan sassauta gwiwa, ya tura ƙugu baya, ya sauke galan ɗin a hankali dab da ƙafafunsa cikin daƙiƙa 4, ya tsaya inda bayansa zai fara ranƙwafawa, sannan ya miƙe. Sau 8, ya huta, ya sake 8. Idan ya zama da sauƙi sai ya ƙara nauyi. Bincike ya nuna irin wannan saukewa a hankali tana ƙara tsawon zaren tsoka, kuma atisayen ƙarfi da ake kai wa ƙarshen gaɓa yana buɗe ta kusan yadda miƙa ke yi. Zai ji tsamin jiki kwana ɗaya zuwa biyu bayan karon farko. Wannan ba rauni ba ne, kuma yana raguwa a karo na gaba.

Ya riƙa aunawa sau ɗaya a mako, a lokaci iri ɗaya kuma kafin ya miƙa, domin jikin asuba ya fi na yamma tauri. Yawanci tazarar takan fara raguwa a fili daga mako na 3 zuwa na 6. Idan ya daina gaba ɗaya, za ta dawo sannu a hankali cikin makonni. Tausa da man zafi suna ba da daɗi na ɗan lokaci, amma ba su maye gurbin wannan aiki.

Wanda ya ji wani abu ya tsinke a cinyarsa yana gudu ko buga ƙwallo, sannan wurin ya kumbura ko ya yi taruwar jini, kada ya miƙa shi. Haka wanda ke jin zafi kamar wutar lantarki yana gangarawa har ƙasan gwiwa, ko ƙafa na mutuwa, ko tana rasa ƙarfi. Waɗannan su je asibiti likita ko likitan fisiyo ya duba su kafin su fara kowane atisaye.