Yadda Ake Raba Gwanayen Tanis Don Kada Su Haɗu da Wuri

A manyan gasannin tanis guda huɗu, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, 'yan wasa 128 ne ke shiga fafatawar ɗaiɗaiku, kuma duk wanda aka doke ya tattara ya koma gida. Da za a bar wa ƙuri'a komai, na ɗaya a duniya zai iya cin karo da na biyu tun ranar farko, armashin gasar ya tafi tun ba a je ko'ina ba.

Shi ya sa kafin a jefa ƙuri'a ake ware gwanaye 32 bisa matsayinsu a duniya, a ba kowa lamba. Kafin 2001 mutum 16 kawai ake warewa.

Mai lamba ɗaya ana rubuta shi a saman jadawali, mai lamba biyu a can ƙasa, don haka ba su da mahaɗa sai a wasan ƙarshe. Na uku da na huɗu ana jefa musu ƙuri'a, ɗaya ya faɗa rabin sama, ɗaya rabin ƙasa, ba za su ga na ɗaya ko na biyu ba sai a wasan kusa da na ƙarshe. Na biyar zuwa na takwas kuwa, ana rarraba su ɗai-ɗai a kusurwoyi huɗu na jadawalin. Haka ake bi har kowane gungu na mutum huɗu ya samu mai lamba guda. Sauran 96 ɗin ƙuri'a ce ke watsa su a guraben da suka rage. Da wannan tsari, masu lamba ba sa haɗuwa da juna kafin zagaye na uku.

Sai dai tsarin maki yake dubawa, ba ya duba tarihi. Matsayin ɗan wasa ya dogara ne da makin da ya tara cikin makonni 52 da suka wuce, wanda kuwa ya yi doguwar jinya makinsa zubewa suke yi.

Abin da ya faru da Rafael Nadal ke nan a gasar Faransa ta 2024. Mutumin da ya ɗauki kofin nan sau 14 ya shafe kusan duk shekarar 2023 yana fama da rauni a ƙugu, ya iso Paris ba shi da lamba. Aka jefa sunansa cikin sauran jama'a, ƙuri'a ta haɗa shi da Alexander Zverev mai lamba huɗu tun zagayen farko. Shekara biyu kafin nan, a wasan kusa da na ƙarshe suka gwabza a wannan fili. Zverev ya yi waje da shi da ci 6-3, 7-6, 6-3, ya zarce har wasan ƙarshe, inda Carlos Alcaraz mai lamba uku ya doke shi.