An soke jirgi, akwati ya ɓace: yadda ɗalibi ke neman diyya a wajen kamfanin inshora

Ɗalibai da yawa da ke karatu a Turai suna da takardar inshora a jaka, amma ba kowace ce ke biyan akwatin da ya ɓace ba. Wadda ofishin jakadanci ke nema kafin ya ba da bizar ziyara ta Shengen, wadda dole ta kai yuro 30,000, ta rashin lafiya ce da dawo da mutum gida idan ta ɓaci. Ta jami'a ma galibi a asibiti ta tsaya. Don haka kafin a rubuta wasiƙar neman diyya, sai an buɗe takardar sharuɗɗa an duba ko akwai sashen kaya da sashen jinkirin tafiya. Idan babu su, wasiƙar ɓata tawada ce, kamfanin jirgi kaɗai ya rage a bi.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar Katsina da ke karatu a Budapest. Ta sayi inshorar tafiya mai ɗauke da sassan nan biyu, ta kuma tabbatar sharuɗɗan ba su cire ƙasarta ta haihuwa ba, domin wasu kamfanonin ba sa ɗaukar zuwa gida a matsayin tafiya. A watan Disamba za ta Abuja, da zango a wani birnin Turai. Tana kan layi aka sanar cewa an soke jirgin farko saboda dusar ƙanƙara. Aka sauya mata wani bayan kwana biyu. Ta sauka Abuja, akwatinta bai sauka ba, kuma tikitin jirgin Abuja zuwa Katsina da ta saya daban ya riga ya ƙone.

Yanzu tana bin wurare biyu bashi, kuma tsarin bin yana da muhimmanci. Kamfanin inshora ba ya biyan abin da doka ta ɗora wa kamfanin jirgi. Giɓin da ya rage yake cikewa. Shi ya sa kusan kowane fom ɗin neman diyya ke tambayar nawa kamfanin jirgi ya biya, kuma yana son ganin amsar a rubuce.

Game da soke jirgi, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta shafi duk jirgin da zai tashi daga ƙasashen tarayyar, ko na wane kamfani ne. Ta ba fasinja zaɓi tsakanin a mayar masa da kuɗinsa ko a sauya masa jirgi, ta kuma wajabta wa kamfanin ciyar da shi da kama masa otal yayin da yake jira. A tafiyar da ta wuce kilomita 3,500 zuwa wajen tarayyar, akwai ƙarin diyyar da ta kai yuro 600 idan ba a sanar da shi da mako biyu ba. Sai dai wannan diyyar tana faɗuwa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Ɗalibarmu ba ta da yuro 600, amma otal da abinci har yanzu suna wuyan kamfanin jirgi. Idan ita ta biya daga aljihunta, can za ta kai waɗannan rasit ɗin. Abin da za ta kai wa inshora shi ne tikitin Katsina da ya ƙone, da kuma ɗan kuɗin da wasu kamfanonin ke bayarwa idan jinkiri ya wuce sa'o'in da suka ƙayyade.

Don haka takardar farko da take buƙata ita ce wasiƙar kamfanin jirgi mai nuna lambar jirgin, ranar, da dalilin sokewa. Saƙon waya mai cewa an soke jirginki bai wadatar ba, domin bai faɗi dalili ba, kuma dalilin ne ke yanke hukuncin wanda zai biya. Ana samun wasiƙar a kantar kamfanin ko ta shafinsa na intanet, wani lokaci sai an yi ta bibiya.

Batun akwati kuwa, a filin jirgin Abuja ake cin sa ko a faɗi. Mutum ya sha doguwar tafiya, 'yan uwa na waje suna ta kira, wani ma'aikaci ya ce ai gobe zai iso, ki bar lambar wayarki. Wanda ya fita a kan wannan maganar bakin ya fita ba hujja. Kafin a bar zauren ɗaukar kaya, a je kantar kayan da suka ɓace a cike takardar da ake kira Property Irregularity Report, a taƙaice PIR. Kamfanonin da ke amfani da tsarin bin sawun kaya na WorldTracer suna ba da lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar: uku na filin jirgi, wato ABV a Abuja, biyu na kamfanin jirgi, sannan alƙaluman. Ma'aikacin zai nemi ɗan tambarin nan da aka manna a bayan takardar shiga jirgi ko fasfo lokacin auna kaya. A ɗauke shi hoto kafin a miƙa. Tunda an sauya wa ɗalibarmu jirgi, tana iya samun tambari biyu, tsoho da sabo, kuma sauyin jirgi na daga cikin wuraren da akwati ke yawan yin ɓatan kai. Ta riƙe duka biyun.

PIR rahoto ne kawai, ba neman diyya ba ne, kuma nan mutane da yawa ke yin barci. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Hungary duk suke ciki, ta ce idan akwati bai iso ba bayan kwana 21, fasinja na iya bin haƙƙinsa a matsayin ya ɓace. Idan ya iso a makare, akwai kwana 21 daga ranar karɓa don rubuta ƙorafi. Idan ya iso a fashe, kwana 7 kacal. Iyakar abin da kamfanin jirgi zai biya kowane fasinja, tun daga ƙarshen Disamban 2024, ita ce SDR 1,519, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin da ya yi kusan dala 2,000. Wannan rufi ne, ba alkawari ba. Sai abin da aka kawo hujjarsa ake biya.

Kada ta jira kwana 21 su cika kafin ta sanar da kamfanin inshora. Shi ma yana da nasa wa'adin a cikin sharuɗɗa, kuma sau da yawa gajere ne. Ta aika imel tun makon farko, ta karɓi lambar fayil, sauran takardu su biyo baya.

Wasiƙar kanta ba ta buƙatar tsawo. Ma'aikacin da zai karanta ta yana da tarin fayiloli a gabansa, kuma abin da yake yi shi ne gwada kowace jimla da wata takarda. Labarin wahala da kukan da aka sha ba ya ƙara ko sisi. A fara da lambar inshora da lambar fayil. Sai a jero abin da ya faru bi da bi: ranar da jirgi ya kamata ya tashi, ranar da ya tashi, ranar cike PIR, ranar da kamfanin jirgi ya amsa cewa akwati ya ɓace, da kuɗin da ya biya. A raba neman gida biyu, na soke jirgi da na kaya, kowanne da jimillarsa, domin sassa daban ne ke biyan su. A sa wa kowace takarda lamba, yadda za a rubuta cewa an soke jirgin saboda yanayi, duba takarda ta 3. A ƙare da lambar asusun banki.

Jerin kayan cikin akwati shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Kowane abu da layinsa: mene ne, yaushe aka saya, nawa, ina hujja. Rubuta "tufafi, yuro 500" gayyatar ragi ne. Inda rasit ya ɓace, bayanan asusun banki ko imel ɗin sayayya na iya tsayawa a madadinsa, hoton da mutum ke sanye da rigar ma yana taimakawa. Ɗinkin gida ya fi wuya, domin tela ba kasafai yake ba da rasit ba, amma shaidar tura masa kuɗi ta banki hujja ce. Kayan da aka saya da forint ko naira a bar su a kuɗinsu na asali, a rubuta canjin da aka yi amfani da shi a gefe. Kuma jerin ya zama daidai da wanda aka ba kamfanin jirgi. Idan agogo ya bayyana a na biyu alhali babu shi a na farko, duk fayil ɗin zai shiga zargi, kuma ƙarin gishiri na iya sa a hana har abin da mutum ya cancanta.

Ga yadda lissafin ke iya kasancewa, da alƙaluman misali. A ce ɗalibarmu ta lissafa yuro 1,900. A ciki akwai kwamfutar tafi-da-gidanka ta yuro 600 da ta cusa a akwati saboda jakar hannu ta yi nauyi. Yawancin sharuɗɗa ba sa biyan na'urori, gwal ko tsabar kuɗi da aka sa a kayan awo, sai aka cire ta, saura 1,300. Rigar sanyinta ta yuro 300 ce, amma iyakar abu guda a takardarta 200 ne, saura 1,200. Aka rage 200 saboda tsufan kaya, domin darajarsu ta yau ake biya, ba kuɗin sabo ba, saura 1,000. Kamfanin jirgi ya riga ya biya 600, saura 400. Sai yuro 50 da sharuɗɗa suka ce mai inshora ke ɗauka da kansa a kowane nema. Abin da zai shiga asusunta daga inshora yuro 350 ne, jimilla 950 daga wuraren biyu. Rabin asararta ke nan, kuma kwamfutar nan ita ce babban ramin.

Idan amsar ta zo da ragin da ba a gane ba, ko aka ƙi biya gaba ɗaya, a nemi kamfanin ya nuna a rubuce sakin layin da ya dogara da shi. Sau da yawa takarda ɗaya ce ta rage, musamman wasiƙar dalilin sokewa ko shaidar abin da kamfanin jirgi ya biya. Idan an bi matakin ƙorafi na cikin kamfanin ba a daidaita ba, ƙasar da aka sayi inshorar ce ke da hurumi. A Hungary akwai hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi da ke ƙarƙashin babban bankin ƙasar, a Najeriya kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM. Kai kamfanin jirgi kotu kuwa, yarjejeniyar Montreal ta ba da shekara biyu daga ranar sauka, bayan nan ƙofar ta rufe.