Aiki ko Araha: Cinikin da Amurka Ta Ɗauka Ta Ci Riba

A shekarar 1958 wani malamin tattalin arziki ɗan ƙasar New Zealand mai suna A. W. Phillips, wanda ke koyarwa a Landan, ya tattara alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957. Abu biyu ya duba a kowace shekara: yawan marasa aikin yi, da yadda albashi ya ƙaru. Da ya zana su a takarda sai wani lanƙwasasshen layi ya fito. A shekarun da marasa aiki suka yi ƙaranci, albashi na tashi da sauri. A shekarun da suka yi yawa, albashi ya tsaya cik ko ma ya sauka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan ma'aikata sun yi wuyar samu, masu masana'antu kan yi ta zawarcinsu da ƙarin kuɗi, sannan su ɗora kuɗin a kan farashin kaya. Idan kuwa mutum goma ke layi a bakin ƙofa suna jiran gurbi ɗaya, wa zai buɗe baki ya nemi ƙari?

Shekara biyu bayan haka, Paul Samuelson da Robert Solow suka gwada abin a kan Amurka, suka sa hauhawar farashi a madadin albashi. Ƙiyasinsu shi ne, in ana son farashi ya zauna wuri ɗaya, sai an haƙura da rashin aiki na kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. In kuwa ana son rashin aiki ya sauka zuwa kashi 3, farashi zai riƙa ƙaruwa da kashi 4 zuwa 5 a shekara. Su kansu sun yi kashedi cewa layin na iya gusawa, amma kashedin bai yi farin jini kamar lissafin ba. Mahukunta sun ga kamar ciniki ne: ka biya ɗan tsadar kaya, ka sayi ayyuka. Shekarun 1960 kuma suka zo kamar masu ba da shaida. Rashin aiki ya sauka daga kusan kashi 7 a 1961 zuwa kashi 3.5 a 1969, hauhawar farashi ta haura daga wajen kashi 1 zuwa sama da kashi 5.

Ana cikin wannan murna ne Milton Friedman, a wani jawabi a Disambar 1967, da Edmund Phelps a nasa rubuce-rubucen, suka ce cinikin nan ba mai ɗorewa ba ne. Hujjarsu ta rataya ne a kan abin da mutane ke tsammani, kuma ta cancanci a bi ta a hankali.

A ɗauki ma'aikacin da ke karɓar dala 100 a mako. Shi da mai kamfani sun saba farashi na ƙaruwa da kashi 2 a shekara, don haka suka daidaita a kan dala 102 na shekara mai zuwa. Sai gwamnati ta ƙara kashe kuɗi, babban banki ya sassauta kuɗin ruwa, ciniki ya buɗe, farashi ya tashi da kashi 5. Mai kamfani yana sayar da kayansa da ƙarin kashi 5, alhali lada ya ƙaru da kashi 2 kacal. Ma'aikaci ya yi masa araha ke nan, don haka sai ya ɗauki ƙarin mutane. Rashin aiki ya ragu, kowa na murna.

To amma ma'aikacin nan yana zuwa kasuwa. Kafin shekara ta ƙare ya gane dala 102 ɗinsa ba ta sayen abin da dala 100 ke saya bara. An ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da aka zo sabunta yarjejeniya, ƙungiyar ƙwadago ba za ta saurari zancen kashi 2 ba. Kashi 5 za ta nema, har da ramuwar abin da aka yi asara. Da zarar lada ya kamo farashi, arahar ma'aikaci ta ƙare, mai kamfani ya daina ɗauka, rashin aiki ya koma inda yake. Abin da bai koma ba shi ne hauhawar farashi: ta zauna a kashi 5, domin yanzu kowa ya shigar da ita cikin lissafinsa, daga mai gidan haya har mai ba da bashi.

Wato abin da ya samar da ayyukan tun farko shi ne bambancin da ke tsakanin abin da aka yi tsammani da abin da ya faru. In gwamnati na son maimaita nasarar, sai ta sake shammatar mutane da kashi 8, gaba kuma da 11. Shi ya sa masana ke cewa layin gajeren lokaci a karkace yake, amma na dogon lokaci a tsaye yake kyam: rashin aiki na komawa wani matsayi da tsarin kasuwar ƙwadago ke yankewa, abubuwa irin su ƙwarewar ma'aikata da saurin haɗuwar mai neman aiki da mai neman ma'aikaci. Friedman ya kira shi matsayi na ɗabi'a. Matsalarsa ɗaya ce, babba kuwa: ba a iya ganinsa kai tsaye, sai dai ƙiyasi, kuma yana sauyawa.

Shekarun 1970 suka yi alƙalanci. A 1974 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 11, a 1975 kuma rashin aiki ya kai kashi 8.5 yayin da farashi ke ƙaruwa da kashi 9. Tsohon layin bai tanadi wurin da cututtukan biyu za su haɗu ba. Adalci dai shi ne a ce ba tsammani kaɗai ya jawo hakan ba, domin takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ninka farashin ɗanyen mai kusan sau huɗu. Sai dai farashi ya fara gudu tun kafin takunkumin, kuma bai lafa ba bayan an ɗage shi.

Gyaran ya yi tsada. Paul Volcker ya karɓi shugabancin babban bankin Amurka a Agustan 1979, ya matse kuɗi har kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20. Mutanen da suka shekara goma suna jin alkawarin da ba a cikawa ba su yarda da wuri ba, suka ci gaba da neman ƙarin albashi bisa tsohon tsammani. Kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata, rashin aiki ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982. Hauhawar farashi ta sauko daga kashi 13.5 a 1980 zuwa kusan kashi 3 a 1983. Ayyukan da aka samu a hanyar hawa an biya kuɗinsu a hanyar sauka.

Mai karatu a Nijeriya ya yi hattara kafin ya ɗauko wannan layi ya ɗora wa ƙasarsa. An gina shi ne a inda yawancin mutane ke karɓar albashi bisa yarjejeniya. A nan kuwa mafi yawa noma suke yi ko sana'ar kansu. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, har ta haura kashi 30 a 2024, ba daga ƙarancin ma'aikata ta fito ba, don haka ba ta zo da ayyuka ba. Ta fi kama da abin da takunkumin mai ya yi wa Amurka. Hanyar ganewa ita ce a duba ciniki: in farashi na tashi kuma masana'antu na ɗaukar mutane, buƙata ce ta yi yawa, in yana tashi suna rufewa, kuɗin samar da kaya ne ya ƙaru. Ɓangaren tsammani kuwa yana aiki a nan sarai. Ɗan kasuwar da ke sa wa buhun shinkafa kuɗi bisa abin da yake jin zai biya in ya koma sari, ba abin da ya biya jiya ba, yana tura tsadar gobe cikin farashin yau tun kafin ta iso.