"Ta Ina Zan Bi?": Yadda Ake Kwatance Idan Hoton Taswira Kaɗai Aka Turo

Yanzu kwatance ya koma cikin waya. Mutum zai buɗe Google Maps, ya nemo wurin da zai je, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, wato abin da matasa ke ce wa sikirinshot, ya turo maka ta WhatsApp da 'yar gajeriyar tambaya: "Ta ina zan bi?" Bai faɗi inda yake ba, bai kuma faɗi abin da zai hau ba. Yawancinmu nan take muke fara zuba amsa: ka miƙe, ka yi dama, ka wuce shataletale. Muna yin haka da kyakkyawar niyya, amma a ranmu mun riga mun ajiye mutumin a inda mu muka saba tasowa, mun kuma sa shi a irin abin hawan da mu muka saba hawa. Idan hasashen bai dace ba, kwatancen namu ne zai ɓatar da shi, kuma zai bi shi da ƙarfin gwiwa domin ya yarda da mu.

Hanya tana da ƙafa uku: inda aka taso, inda za a je, da abin da za a hau. Hoton taswira galibi ɗaya kawai yake nunawa. Aikin mai amsa shi ne ya tatso duk abin da hoton ya ƙunsa, ya faɗi wanda ya tabbata, sannan ya nemi sauran biyun ba tare da ya bar mai tambaya hannu rabbana ba.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗan 'yar'uwarka ya turo maka hoton taswira, jar alama tana kan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda mutanen gari ke ce wa Asibitin Malam, a kan Titin Zariya. Ƙasan hoton ya rubuta: "Kawu, barka da rana. Don Allah ta ina zan bi?"

Abin da hoton yake faɗa

Kafin ka rubuta komai, buɗe hoton ka ƙara girmansa. Abu na farko da za ka nema shi ne shuɗin ɗigo. Wannan ɗigon shi ne inda wayar take a lokacin da aka ɗauki hoton. In ka gan shi, ka sami mafari, amma da sharaɗi biyu. Duba agogon da ke saman hoton: in an ɗauke shi da ƙarfe tara na safe, ga shi yanzu azahar ta yi, mai yiwuwa yaron ya daɗe da barin wurin. Haka kuma hoton na iya zama na wani ne, aka tura masa shi ma ya turo maka, kenan ɗigon yana nuna inda wancan mutumin yake. Idan kuma akwai faffaɗan da'ira mai haske kewaye da ɗigon, wayar ce ke cewa ba ta tantance wurin sosai ba, yana wani waje ne a cikin da'irar. In ɗigon toka-toka ne, tsohon wuri ne wayar ta riƙe, kada ka gina komai a kansa.

Abu na biyu shi ne layin hanya. Idan mai turowa ya danna Directions kafin ya ɗauki hoton, za ka ga layi shuɗi ya ja daga wani wuri zuwa jar alamar. Layi mai kauri a haɗe na abin hawa ne, ɗigo-ɗigo a jere kuwa na tafiyar ƙafa ne. A sama ko ƙasan fuskar akwai ƙananan hotunan mota, babur, bas da mai tafiya a ƙasa, wanda aka zaɓa yana da launi daban. In waɗannan suna nan, hoton ya riga ya amsa tambayoyinka. A misalinmu babu su, jar alama ce kawai da sunayen tituna.

Abu na uku shi ne fuskar taswirar. Bisa al'ada arewa ce a sama, gabas a dama. Amma yatsu biyu suna iya juya taswira ba da niyya ba, kuma idan ta juya, ɗan ƙaramin kamfas yana bayyana a gefe, jan bakinsa yana nuna arewa. Wanda bai lura da wannan ba zai ce wa mutum ya nufi gabas alhali yamma yake nuna masa.

Me ya sa mafari ba abin hasashe ba ne

Asibitin Malam wuri ɗaya ne, amma hanyoyinsa sun bambanta matuƙa. Wanda ya taso daga Kaduna ko Zariya yana shigowa Kano ta kudu, ya wuce Na'ibawa da Unguwa Uku, ya iske asibitin tun kafin ya kai Dangi. Shi bai ma shiga tsakiyar gari ba. Wanda ya fito daga cikin birni ta Ƙofar Nasarawa kuwa sai ya hau Titin Zariya ya nufi kudu, ya wuce Dangi, sannan ya iso. Wanda ya zo daga Katsina ya shigo ta Dawanau da Kurna, gari ne guda a gabansa sai ya ratsa. Wanda ya zo daga Gwarzo ta Kabuga zai shigo, ya bi titin Jami'ar Bayero.

Dubi mutum biyun farko. A titi ɗaya suke, amma suna fuskantar juna. Abin da yake hannun daman ɗaya yana hannun hagun ɗayan. In ka ce "idan ka wuce Dangi za ka gan shi", ka yi wa na cikin birni daidai, amma na Zariya ka sa ya wuce asibitin ya shiga gari yana raba ido. Titin kuma mai hannu biyu ne, don haka ɗaya daga cikinsu in yana tuƙi dole ya nemi wurin juyawa. Shi ya sa dama da hagu ba su da ma'ana sai an san inda mutum ya sa gaba. Kafin a san hakan, abin da ya fi aminci shi ne a yi kwatance da abin da ba ya juyawa: tsakanin wuri kaza da wuri kaza, kudu da kaza, kusa da gada kaza.

Me ya sa abin hawa ke sauya amsa

Mai tuƙa motarsa yana buƙatar sunayen tituna, inda zai juya, da ƙofar da mota ke shiga. Mai hawa adaidaita sahu ba ruwansa da wannan duka. Abin da yake buƙata shi ne sunan da zai faɗa wa direba, inda zai sauka ya sake wani, da ɓangaren titin da zai tsaya ya tare. In ka karanta masa jerin tituna daga taswira ka wahalar da shi a banza, domin direban adaidaita da "Asibitin Malam" ya san wurin, ba da dogon sunan Turanci da ke kan fuskar waya ba.

Akwai kuma abin da taswira ke nunawa amma dokar gari ta hana. Google Maps yana da zaɓin hanyar babur a Najeriya tun 2019, sai dai gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin tun Janairun 2013. Baƙon da ya saba da acaɓa a garinsu zai iya ganin mintunan babur a waya ya ɗauka haka zai iso. Kai ɗan gari kai ne za ka gaya masa.

Mai tafiya a ƙafa kuma lissafinsa daban. Mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita biyar a awa ɗaya, wato minti goma sha biyu kowace kilomita. Idan an yi sa'a ɗan layin ma'auni ya fito a ƙasan hoton, misali an rubuta mita 500, sai ka auna sau nawa tsawonsa zai shiga tsakanin wuraren biyu. In sau huɗu ne, kilomita biyu kenan a miƙe, da kwane-kwanen titi ka ƙiyasta rabin awa. In babu ma'aunin, kada ka ce "ai kusa ne", domin tsawon yatsa a hoto yana iya zama mita ɗari biyu, yana iya zama kilomita goma, ya danganta da yadda aka ja taswirar.

Yadda amsar za ta kasance

Akwai masu ganin gyaran shi ne su mayar da tambaya kawai: "Kana ina?" Yaron ya amsa bayan minti goma, sannan a sake tambaya: "A me kake?" Wanda ke tsaye a bakin tasha cikin rana, cajin wayarsa na ƙarewa, ba shi da wannan lokacin. Saƙo ɗaya ya kamata ya ɗauki komai: tabbatar da wurin, tambayoyin biyu tare, da amsar wucin gadi ga yanayin da ya fi yiwuwa. Ga yadda kawun zai rubuta:

"Barka dai, ɗana. Wurin da ka sa wa alama Asibitin Malam ne, a Titin Zariya, tsakanin Dangi da Unguwa Uku. Yanzu kana ina, kuma mota kake tuƙawa ko adaidaita za ka hau? In daga Zariya kake tafe, yana gabanka bayan Unguwa Uku, kada ka kai Dangi. In daga cikin gari ne, sai ka wuce Dangi tukuna. In a adaidaita ne, ka ce Asibitin Malam kawai. Wane sashe za ka, in gaya maka inda za ka nufa?"

Lura da cewa bai ambaci dama ko hagu ba. Ya kuma ba shi alamar gane kuskure: mai zuwa daga Zariya in ya ga Dangi ya san ya wuce. Kowane kwatance mai kyau yana da irin wannan iyakar. Tambayar ƙarshe ma tana da dalili, domin jar alama takan zauna a tsakiyar babban fili ne, asibiti ko jami'a ko kasuwa, ba a bakin ƙofar da ake shiga ba.

In yaron ya ce bai san sunan inda yake ba, kada ka sa shi kwatanta gine-gine. Ce masa ya danna alamar haɗa fayil a WhatsApp, ya zaɓi Location, ya danna Send your current location. In yana cikin mota tana tafiya, Share live location ya fi, domin za ka riƙa ganin motsinsa na tsawon minti 15, awa 1 ko awa 8, gwargwadon abin da ya zaɓa. Wannan kuwa sai tsakanin waɗanda suka san juna. Ba a neman baƙo ya bayyana inda yake a cikin taron jama'a, sunan unguwa ko tasha mafi kusa ya isa.

A ce ya amsa: "Kawu, yanzu aka sauke mu a Na'ibawa, adaidaita zan hau." Yanzu ƙafa uku sun cika, amsar ta zama layi biyu: ya tsaya a hannun masu shiga gari, ya tari mai zuwa wajen Dangi, ya ce a sauke shi a Asibitin Malam, kuma ya yi ciniki kafin ya shiga.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Maganar ta hau kan mai kwatance kamar yadda ta hau kan matafiyi, domin shi ma akwai abu biyu da bai sani ba, kuma mai tambayar ne kaɗai ke riƙe da su. Ka tambaye shi inda yake da abin da zai hau, ka ba shi abin da ka tabbatar tun a saƙon farko, sauran kwatancen kuma ya jira amsarsa.