Me ya sa shayi ke tauye sinadarin ayon, lemu kuma ya ƙara shi?

In ka ci wake da shinkafa, ba duk sinadarin ayon da ke ciki ne ke shiga jininka ba. Jikin baligi mai lafiya yakan tsotsi miligiram 1 zuwa 2 ne kacal a rana, sauran ya fita a bayan gida. Yawancin tsotsar tana faruwa ne a farkon ƙaramin hanji, dab da mafitar tumbi.

Ayon na abinci iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin nama da hanta da kifi. Shi wannan a naɗe yake zuwa cikin wani ƙunshi, don haka shayi ba ya iya taɓa shi sosai. Sai na tsirrai, wato na wake, gero, dawa da ganye, kuma a nan rigimar take.

Ayon na tsirrai yakan iso hanji a siffar Fe³⁺, alhali ƙofar da ke bangon hanji, wadda masana ke kira DMT1, Fe²⁺ kaɗai take karɓa. Dole sai an juya shi tukuna. Bitamin C yana yin wannan juyin, sannan ya riƙe ayon ɗin a narke har ya kai ƙofar. Shi kuwa shayi yana ɗauke da tanin, sinadarin nan da ke sa ka ji baurinsa a harshe. Tanin yana kama ayon ya dunƙule da shi, su wuce ba tare da an tsotse su ba.

Bari mu ƙaddara farantin wakenka yana da miligiram 5, kuma hanjinka ya ɗauki kashi 5 cikin 100, wato miligiram 0.25. In ka kora da shayi mai kauri, abin zai iya raguwa da rabi ko fiye, ya koma wajen 0.1. In kuma lemun zaƙi ko gwaba ka ci tare da shi, zai iya ninkawa ya kai 0.5. Faranti ɗaya ne, amma bambancin ya kusa ninki biyar.

To ka ga ashe lokaci ne sirrin. Dole bitamin C ya haɗu da abincin a ciki, saboda haka lemun da ka sha da safe ba zai taimaki tuwon dare ba. Kuma dogon dahuwa na lalata shi, shi ya sa ɗanyen tumatir ya fi wanda ya daɗe a miya. Shayi kuwa, ka jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Sai dai lemu ma yana da iyaka. Hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke toshe hanyar da ayon ke bi daga bangon hanji zuwa jini idan jiki ya ƙoshi da shi, ko ana fama da wata cuta mai kumburi. Waɗanda batun shayi ya fi shafa su ne masu juna biyu, mata masu zubar jini da yawa lokacin al'ada, da yara ƙanana. In kana yawan kasala da haki, cikin fatar idonka kuma ya yi fari, je a gwada jininka, domin lemu kaɗai ba ya maganin ƙarancin jinin da ya riga ya kama mutum.