Shirin Musamman: Rubutun Mutum Ne Ko Na Na'ura?

Yau za mu duba wani zargi da ya zama ruwan dare a jami'o'i da ofisoshi tun ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT. Ɗalibi ya kwana yana gyara aikinsa, ya miƙa shi tsaf babu kuskure, sai malam ya dube shi ya ce, "Wannan ba kai ka rubuta ba." Me ya sa zargin ya fi faɗawa kan masu taka-tsantsan?

Bari mu ɗan yi gwaji da ku. Zan fara jimla, ku ƙarasa: "Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana..." Na san kun ce "lafiya" tun kafin in rufe baki. To, da irin wannan hasashen ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke rubutu. An ɗura musu tarin littattafai da jaridu da rahotanni, don haka a kowace gaɓa suna lissafa kalmomin da suka fi yiwuwa su biyo baya, su ɗauki ɗaya daga ciki. Su kuma manhajojin da aka fara yi don kama su, irin GPTZero da wani ɗalibin Jami'ar Princeton, Edward Tian, ya fitar a Janairun 2023, sai suka bi ta nan. Suna karanta rubutu kalma bayan kalma suna auna abu biyu: sau nawa marubucin ya zo da kalmar da ba a zata ba, kuma jimlolinsa suna bambanta, wata doguwa wata gajera, ko duk tafiyarsu ɗaya ce. In ba-zata ta yi ƙaranci, sai su ce aikin na'ura ne.

Ku lura da kyau, manhajar ba ta ga wanda ya zauna ya rubuta ba. Abin da ta auna kawai shi ne sauƙin hasashen kalmomin. Shi ya sa a 2023 da mutane suka zuba mata wasu sassa na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ta ce na'ura ce ta rubuta. Dalili kuwa, an maimaita kundin sau ba adadi a cikin rubuce-rubucen da aka horar da na'urorin da su, sun haddace shi, ba abin da zai zo musu a ba-zata.

Yanzu ku tuna yadda aka koya mana rubutu don jarrabawar WAEC. Gabatarwa, sai gundarin magana, sai kammalawa. Kowane sakin layi da batunsa. Da farko, bugu da ƙari, daga ƙarshe. Kada ka yi kasada da kalmar da ba ka tabbatar da ita ba, maki za ta cinye maka. Wanda ya riƙe wannan tarbiyya, ya shiga aikin gwamnati ko lauya ko bincike, duk gyaran da yake yi wa takardarsa cire ba-zata yake yi, domin aikin ne ya buƙaci haka. Ita ma na'urar daga irin waɗannan takardu ta koya. Bayan nan kuma aka sa mutane su riƙa tantance amsoshinta, suna fifita masu tsari da ladabi. Ke nan ita ce ta kwaikwayi mai rubutu a tsanake, amma yau shi ake tuhuma da kwaikwayonta.

Ga wani bincike da ya kamata duk malamin da ke jin mu ya sani. A 2023 masana a Jami'ar Stanford, ciki har da Weixin Liang da James Zou, suka ɗauki insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, wato na mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su. Duk mutane ne suka rubuta su. Suka ba manhajoji bakwai su tantance. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin 100 aka ce na na'ura ne. Guda 89 daga cikin 91, aƙalla manhaja ɗaya ta tuhume su. Amma da aka kawo insha'in 'yan makarantar Amurka, 'yan aji takwas, kusan duka manhajojin suka gane cewa na mutane ne. Yaron da ya tashi da harshen yana wasa da shi yadda ya ga dama, shi kuwa wanda ya koya a aji yana bin hanyar da ya san ba za ta kayar da shi ba.

Wurin da ya fi ban takaici, masu binciken sun sa ChatGPT ya ƙawata waɗancan insha'i da manyan kalmomi, suka sake miƙa su. Sai tuhumar ta sauko zuwa kusan kashi 12. Wato da hannun na'ura ya shiga da gaske, a lokacin ne rubutun ya fi kama da na mutum a idon mai tantancewa.

To, sai mutum ya ce, ai magani ya samu, a riƙa zuba manyan kalmomi. Nan kuma idon mutane ke jira. A Afrilun 2024 wani fitaccen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya ce an aiko masa da saƙo, da ya ga kalmar "delve" a ciki ya ɗauka ChatGPT ne ya rubuta. 'Yan Najeriya da yawa suka yi masa ca, suka ce kalma ce da suke amfani da ita tun suna sakandare. Gaskiya ne ChatGPT ya yawaita ta. Amma kalma ɗaya ba ta isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Marubucinmu dai ya shiga tsaka mai wuya: in ya sauƙaƙa, manhaja ta kama shi, in ya ƙawata, mai karatu ya kama shi.

Wani zai ce ai manhajojin sun inganta tun daga lokacin, kuma wasu sun canza salon aiki. Haka ne. Amma ku ji lissafin da Jami'ar Vanderbilt ta yi a Agustan 2023. Kamfanin Turnitin ya ce manhajarsa tana kuskuren tuhumar mai gaskiya kusan sau 1 cikin 100. Jami'ar ta duba ta ga ta tura takardu 75,000 a 2022. Kashi 1 na wannan, takardu 750 ke nan, kowacce da ɗalibin da zai iya tsayawa gaban kwamitin ladabtarwa ba da laifinsa ba. Sai ta kashe manhajar. Shi kansa OpenAI ya taɓa fitar da tasa a Janairun 2023. Kashi 26 kacal na rubutun na'ura take ganewa, tana kuma tuhumar kashi 9 na rubutun mutane. A Yulin shekarar ya janye ta.

Ba muna cewa babu masu satar hanya ba. Akwai su, da yawa ma. Sai dai hujjar da za ta kama su ba a santsin jimla take ba. Malam ya buɗe littattafan da ɗalibin ya ambata, ya ga ko suna nan da gaske, domin na'ura takan ƙirƙiri sunan littafi da shafinsa. Ya nemi daftarin farko, ko tarihin gyare-gyare da Google Docs ke ajiyewa. Mafi sauƙi, ya zaunar da shi minti goma ya tambaye shi, "Me kake nufi a nan? Ina ka samo wannan adadin?" Wanda ya rubuta zai amsa, ko da yana in'ina.

Ku kuma ɗalibai da ma'aikata, kada ku fara cusa kurakurai a rubutunku da gangan don ku tsira. Ku adana daftarinku da takardun da kuka yi zayyana a kai, ranar da aka tuhume ku, su za ku ajiye a kan tebur. Malamai, kafin ku ja jan biro, ku kira yaron ku ji ta bakinsa.