Talla a bakin iyakar Jibiya: sunan yaro na cikin rajista, karatunsa na kan titi

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san yadda abin yake a Magamar Jibiya. Mota ba ta gama tsayawa ba sai ka ga farantai sun kewaye ta: gyaɗa, awara, dafaffen ƙwai, ruwan leda, fura. Masu ɗauke da farantan galibi yara ne 'yan shekara bakwai zuwa sha huɗu, mata sun fi yawa, wasu daga cikin garin Jibiya, wasu daga ƙauyukan mazaɓu irin su Gangara. Da za a je makarantunsu a duba, za a tarar da sunayen da yawa daga cikinsu a rajista. A nan matsalar take ɓuya: talla ba kasafai take cire yaro daga makaranta lokaci guda ba, sai dai ta riƙa yankar sa'o'insa har ya kammala firamare bai iya karanta wasiƙa ba.

Abin da ya sa talla ta yi ƙarfi a nan shi ne jira. A shingen kwastan da na shige da fice, da tashar mota, matafiyi yakan tsaya, kuma mai jira shi ne mai saye. A ɗaya ɓangaren kuma akwai matan aure da ke sana'a a cikin gida ba sa fita, yaro shi ne ƙafarsu zuwa kasuwa. Masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle ta dogara ne a kan yara, kuma wani kaso na ribar tallar yarinya yana tafiya ne wajen tara mata kayan ɗaki. Ke nan uwar da ke ɗora wa 'yarta faranti tana lissafi ne: abin miya na yau da kuma fita kunyar ranar aure.

Babbar kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, ranar da babu makarantar boko, don haka wasu ke ganin ba ta taɓa karatu. Amma ɓarnar tana cikin tallar kullum, musamman ta safe. Ƙosai da koko da waina abincin karin kumallo ne, cinikinsu daga wayewar gari zuwa hantsi yake, daidai lokacin da ake shiga aji.

Bari mu yi lissafi da misalin yarinya 'yar aji uku. Ana fara darasi da ƙarfe takwas, ita kuwa ba ta sauke faranti sai tara da rabi, domin sai ta sayar ta kai wa uwarta ciniki. Awa ɗaya da rabi ke nan a kullum, awa bakwai da rabi a mako. A zangon karatu mai mako 13, ta rasa kusan awa 97, a shekara kuma kusan awa 290. Ba kuma kowace irin awa ta rasa ba, domin makarantu da yawa suna sanya lissafi da karatu a darussan farko, lokacin da kan yaro yake a sake. Waɗannan darussa kamar jeren bulo suke, wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba ba zai karanta jimla ba, wanda bai iya tarawa ba ba zai gane ninkawa ba. Idan malami ya tausaya mata ya yi mata alamar halarta, takarda za ta nuna ba ta taɓa fashi ba. Ƙarshen shekara kuma a ciyar da ita gaba tare da 'yan ajinsu, giɓin ya bi ta zuwa aji huɗu.

Akwai alamomin da malami ko uba zai gane wannan tun da wuri. Na farko, makara mai tsari, wato yaro yana zuwa a makare a lokaci guda kullum. Na biyu, gyangyaɗi a aji da fashin ranar Litinin bayan wunin kasuwa. Na uku, wanda ya fi ban mamaki, yarinyar da ke ba da canji da ka ba ta kuskure, amma idan aka rubuta mata wannan lissafi a allo sai ta tsaya cak. Gwaji mafi sauƙi shi ne a miƙa wa ɗan aji huɗu littafin Hausa na aji biyu a ce ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Minti biyu sun isa a san gaskiya.

Ba kowane aike ne ake kira aikatau na yara ba. Ma'aunin da ake amfani da shi a binciken ƙasa da ƙasa yana duba shekaru da sa'o'i: ga ɗan shekara 5 zuwa 11, awa ɗaya ta aikin neman kuɗi a mako ta isa a ƙidaya shi, ga ɗan 12 zuwa 14, awa 14 ne ma'aunin. Yarinyar misalinmu ta wuce iyaka tun ranar Litinin. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya gano cewa kimanin kashi 39 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan shekara 5 zuwa 17 suna cikin wannan hali.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro talla a kan titi, kuma Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020. Sai dai kamen yara a tasha ba ya biya wa uwa ribar da ta rasa, sau da yawa yaran kan koma lungu ne kawai. Yanayin yankin ma ya ƙara dagula lissafin. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Kowace rufewa kan karya sana'ar direba da ɗan dako da dillali, sai nauyin gida ya koma kan tukunyar uwa da farantin yaro. Hare-haren 'yan bindiga kuma sun kori iyalai daga ƙauyuka zuwa cikin gari, inda ba su da gona, yaransu kuma sun bar makarantunsu na asali.

Maganin da ya fi dacewa da cutar shi ne wanda ya maye gurbin kuɗin talla kuma ya tsare sa'o'in safe. An gwada haka a jihohin Sakkwato da Neja ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, inda aka riƙa ba iyaye Naira 5,000 duk bayan wata uku a kan kowace yarinya. Shirin AGILE mai tallafin Bankin Duniya, wanda Katsina ke ciki, shi ma yana ba 'yan mata tallafin kuɗi, amma na matakin sakandare ne, alhali ɓarnar tun daga aji biyu da uku take farawa. Irin wannan tallafi kuma yana da iyaka: idan bai kai ribar faranti ba, ko ya zo a makare, talla za ta dawo.

Akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kwamitin kula da makaranta na iya zama da iyaye mata a daidaita cewa babu talla kafin a tashi daga makaranta, mai tuyar safe kuma ta riƙa sarar wa babba mai tebur a tasha ko da ribar za ta ɗan ragu. Shugaban makaranta kuma ya sa a riƙa rubuta lokacin da kowane yaro ya shigo aji a gefen sunansa. Jami'in ilimin da ya zo duba makaranta a Gangara ko Magama, ya iso da ƙarfe takwas ya ƙidaya kawuna, ya sake ƙidayawa da ƙarfe goma. Bambancin da ke tsakanin ƙidayar biyu shi zai nuna masa yaran da ya kamata a fara bin sawunsu zuwa gida.